Yadda Ake Rubuta Takardar Kafa Aiki Kafin Ƙungiyar Ɗalibai Ta Buɗe Gidauniya

Shekarar da na riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗalibai a wata makaranta a nan Katsina, mun yi taron gidauniya da har gobe in na tuna sai na ji kunya. Zaure ya cika maƙil, manya sun zo da tawagoginsu, mai gabatarwa yana ta kiran sunaye, wane ya yi alkawarin dubu ɗari biyar, wane ya ce a rubuta masa ɗari uku, tafi kamar rufin zai yaye. Muka kwana muna murna. Bayan wata biyu, abin da ya shiga asusu bai kai sulusin abin da aka sanar ba, ga mai rumfa da mai lasifika suna ta sintiri a ƙofar ofishinmu. Da majalisar wakilan ɗalibai ta kira mu, shugaban ƙungiya ya miƙe ya ce an yi nasara, kakakin majalisa ya ce an yi asara, aka yi ta ja har magariba. Babu wanda ya iya kayar da wani, domin tun farko ba mu rubuta abin da za a kira nasara ba.

Takardar da ta kamata mu rubuta ita ce nake kira takardar kafa aiki. Masu karatun gudanar da ayyuka suna bayyana ta da cewa ita ce takardar da mai iko yake sa wa hannu don ya tabbatar da cewa aikin ya kafu, ya kuma ba wanda zai jagorance shi izinin taɓa kuɗi da kayan ƙungiya. Shafi biyu ko uku sun ishe ta. Jadawalin wanda zai jera kujeru da wanda zai tari baƙi ba ya cikinta, wannan aikin kwamiti ne daga baya. Abin da take ɗauke da shi shi ne me ake nema, nawa ne, zuwa yaushe, wa ke da ikon me, da kuma yadda za a gane an samu ko ba a samu ba.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ke ciki na misali ne kawai, ku sa naku a madadinsu. A ce ƙungiyar ɗalibai ta wata kwaleji a Katsina tana son ta biya wa ɗalibai marasa hali kuɗin rajista kafin a rufe shafin biya ranar 28 ga Fabrairu.

Ku fara da matsalar, ku ajiye maganar taro tukuna

Sakin layi na farko na takardar shi ne dalilin aikin, kuma a nan ne yawanci ake fara ɓata rawa da tsalle. Sai ka ga an rubuta cewa ƙungiya za ta shirya gagarumin taro don tallafa wa ɗalibai. Wannan bai gaya wa kowa komai ba. Taro hanya ce kawai, kuma yana iya yiwuwa in kun yi lissafi ku ga ba ma sai an yi shi ba.

Ku aika sakataren jin daɗin ɗalibai ya bi wakilan azuzuwa, ya kuma je ofishin kula da harkokin ɗalibai, ya dawo da adadi. A misalinmu ya dawo da sunaye 63 na waɗanda ba su yi rajista ba saboda rashin kuɗi. Daga cikinsu akwai waɗanda suka samu bashin karatu na NELFUND, wanda gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024, akwai kuma waɗanda ƙaramar hukumarsu ko wani ɗan majalisa ya ɗauki nauyinsu. Da aka tace, saura 40. Matsakaicin kuɗin rajistar kowane ɗaya naira 45,000. Yanzu dalilin aikin zai iya zama jimla biyu: ɗalibai 40 za su rasa zangon karatu in ba a biya musu rajista kafin 28 ga Fabrairu ba, kuma abin da ake buƙata naira 1,800,000 ne.

Wannan adadin shi ne ginshiƙin sauran takardar. Duk wani lissafi da zai biyo baya daga gare shi yake tasowa.

Manufa: kuɗin da ya shiga asusu, bayan an cire ɗawainiya

A nan zan daɗe, domin a nan muka faɗi.

A taron gidauniya akwai adadi iri uku, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai abin da aka sanar a lasifika. Akwai abin da ya shigo hannu, ko tsaba ko ta taransifa. Akwai kuma abin da ya rage bayan an sallami mai kujeru, mai janareta da mai buga kati. Na ukun ne kaɗai zai biya wa ɗalibi rajista, saboda haka shi za a rubuta a matsayin manufa. Alkawari kaya ne a wuyan wanda ya ɗauka, amma banki ba ya karɓar sa.

Tun 1981 wani masani mai suna George Doran ya fito da ƙa'idar da ake yawan koyarwa kan rubuta manufa, wadda taƙaicenta shi ne manufa ta zama takamaimiya, mai aunuwa, a san wanda aka ɗora wa ita, ta zama mai yiwuwa, kuma a yanka mata lokaci. Ba sai kun haddace ta ba. Ku ɗauki jimlar da kuka rubuta ku ba wani ɗalibi da bai halarci zamanku ba, ku tambaye shi: ranar da aka gama, za ka iya cewa an cim ma wannan ko ba a cim ma ba, ba tare da ka tambayi ra'ayin kowa ba? In ya tsaya inda-inda, ku sake rubutu.

Ga yadda manufar misalinmu za ta fito:

> Manufa ta ɗaya: Zuwa ƙarfe 4 na yamma ranar 14 ga Fabrairu, a samu naira 1,800,000 a asusun ƙungiya na banki da sunan wannan gidauniya, bayan an biya duk ɗawainiyar taro an kuma mayar wa ƙungiya rancen da ta bayar.
>
> Manufa ta biyu: Zuwa 28 ga Fabrairu, a biya wa ɗalibai 40 da kwamitin tantancewa ya amince da su kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta.
>
> Manufa ta uku: Ɗawainiyar aikin gaba ɗaya kada ta wuce naira 300,000.

Uku sun isa. Na sha ganin takardu masu manufa goma, har da haɗa kan ɗalibai da ɗaga martabar ƙungiya. Waɗannan fata ne masu kyau, sai dai ba wanda zai iya auna su, kuma amfaninsu ɗaya ne: ranar da kuɗi suka gaza, shugabanni su fake da su su ce ai an samu haɗin kai.

Ku lura da kalmomin "kai tsaye ga makaranta". Ba a damƙa wa ɗalibi kuɗi a hannu. Makarantu da yawa suna karɓar kuɗin rajista ta Remita, inda kowane ɗalibi yake fitar da lambar biya ta RRR. Ɗalibi ya kawo lambarsa, ma'aji ya biya, a ajiye rasit. Wannan ba zargin kowa ba ne. Yaron da mahaifiyarsa ke kwance a asibiti, in ka ba shi dubu arba'in da biyar a hannu, ka san inda za su, kuma ba za ka ga laifinsa ba, amma manufarku ta biyu ta faɗi.

Ku gwada ko adadin zai samu

Tunda ana buƙatar 1,800,000 kuma ɗawainiya 300,000 ce, abin da za a tara gaba ɗaya 2,100,000 ne. Kenan cikin kowace naira bakwai da aka bayar, ɗaya za ta tafi a hidima. Ku rubuta wannan ƙarara, domin shi ne abin da mai bayarwa mai hankali zai fara tambaya.

Kasafin ɗawainiya a wannan takarda dunƙule ake yin sa. A misalinmu makaranta ta ba da zaure kyauta. Hayar ƙarin kujeru 200 a kan naira 150 kowace ta kama 30,000. Lasifika da janareta da mansa 70,000. Katin gayyata da ƙyallen sanarwa 45,000. Ruwa da lemo 75,000. Kuɗin mota na kai wasiƙu da bin alkawura 50,000. Sai 30,000 na ko-ta-kwana. Kuɗin bin alkawura shi ne wanda kowa ke mantawa, alhali bayan taro sai an yi ta zirga-zirga daga Sakatariya zuwa Babbar Kasuwa zuwa gidajen mutane, wani lokaci har Daura ko Funtuwa, kafin kuɗi su fito. Ku je ku tambayo farashi a bakin masu haya biyu ko uku kafin ku rubuta, kada ku ɗauko na bara.

Sai kuma inda kuɗin za su fito. Kowace kafa a ba ta adadinta da mai kula da ita. A misalinmu, ɗalibai 1,500 in kowa ya ba da 300 an samu 450,000, kuma wakilan azuzuwa ne za su karɓa da rasit. Malamai da ma'aikata 250,000. Tsofaffin ɗalibai 400,000. Ranar taro 1,000,000. Jimla 2,100,000.

Wannan miliyan ɗaya ta ranar taro ita ce mai santsi. A ce kuna sa ran 400,000 za su shigo nan take, saura 600,000 daga alkawura. Nawa ya kamata a yi muku alkawari kafin 600,000 su fito? Amsar tana cikin littafin ma'ajin da ya gabace ku: ku duba abin da aka sanar a taron baya da abin da ya shigo. In babu littafin, ku ɗauka rabi ne zai fito, ku rubuta a takardar cewa zato ne kuka yi, ba tabbas ba. A kan wannan zaton, sai an yi alkawarin 1,200,000 kafin ku samu abin da kuke so. Yanzu ku dubi jerin baƙinku da idon basira. In mutanen da kuka gayyata ba su kai su yi alkawarin wannan adadi ba, to ko ku ƙara baƙi, ko ku rage ɗaliban da za a biya wa tun yanzu. Ya fi sauƙi a ce 30 tun farko da a ce 40 a dawo ana ba mutum goma haƙuri.

Akwai wani abu ƙarami da ke rikita lissafi. Kafin gudummawa ta fara shigowa, sai ƙungiya ta ba kwamiti abin fara aiki, a ce 150,000. Wannan rance ne, ba gudummawa ba. Ku rubuta cewa shi za a fara mayarwa. In ba haka ba, ranar rahoto za a lissafa shi cikin abin da aka tara, kuɗin ɗalibai ya zagayo ya dawo da sunan nasara.

Ma'aunin nasara: adadi, rana, shaida, da mai dubawa

Manufa tana faɗin inda za a je. Ma'auni kuwa shi ne abin da za a ɗora a kan tebur ranar hisabi. Kowane ma'auni yana buƙatar abu huɗu: adadin, ranar da za a auna, takardar da za ta zama shaida, da wanda zai duba ta. Mai dubawa kada ya zama ɗan kwamiti.

Ga manufa ta ɗaya, shaida ita ce takardar bayanin asusu da banki ya buga ya sa hatimi, ta ranar 14 ga Fabrairu, kuma mai binciken kuɗi na ƙungiya ne zai duba tare da malamin da ke ba ƙungiya shawara. Hoton alat da aka turo ta waya ba shaida ba ne. An sha turo na bogi, an kuma sha turo na gaske sau biyu a lissafa shi sau biyu. Ga manufa ta biyu, shaida ita ce rasit 40 na biya, da jerin sunaye da ofishin rajista ko na kuɗi ya tabbatar. Ga ta uku, rasit na kowane kashi, wanda babu rasit kuma a ɗauka ba a kashe ba, wanda ya karɓi kuɗin ya dawo da su.

Ina ba da shawarar a yi wa nasara hawa, domin rayuwa ba fari da baƙi kaɗai ba ce. A misalinmu cikakkiyar nasara ita ce 1,800,000 da ɗalibai 40. Mafi ƙarancin abin da za a karɓa shi ne 1,125,000, wato ɗalibai 25. Ƙasa da haka, takardar ta ce aikin bai yi nasara ba, kuma kwamiti zai bayyana gaban majalisa ya yi bayani. Rubuta wannan jimlar yana da ɗaci, na sani. Lokacin da muka kawo ta a wani zama daga baya, shugaban ƙungiya na lokacin ya ce mini, "Haba Malam, tun ba a fara ba za mu rubuta faɗuwa? Ai wannan mugun fata ne." Na ce masa, "Shugaba, in ba ku rubuta da hannunku ba, 'yan adawarku ne za su rubuta muku ranar zaɓe, kuma nasu layin zai fi wannan tsauri." Ya yi shiru, ya sa hannu.

Tunda akwai yiwuwar a biya wa 25 kawai, dole takardar ta faɗi wa za a fara biya wa. Wannan sai an yanke shi kafin kuɗi su shigo, lokacin da ba wanda ya san ko ɗan garinsu zai faɗo a layi. A misalinmu 'yan ajin ƙarshe ne a gaba, sai marayu, sai masu buƙata ta musamman, sai sauran bisa ranar da suka miƙa takardar nema. A kuma rubuta cewa ɗan kwamiti da shugabannin ƙungiya ba sa cikin masu amfana, kuma wanda ɗan'uwansa ke cikin masu nema zai fita daga ɗaki lokacin da ake duba sunan. In kuɗi suka wuce abin da ake nema, rarar ta tafi ga waɗanda ke jerin jira, ba walimar kwamiti ba.

Kuna iya ƙara ma'auni ɗaya ko biyu na gefe, in suna da alaƙa da kuɗin. Mai amfani shi ne: kowane alkawari a rubuta shi a kati mai suna da lambar waya da adadi da ranar biya da sa hannun mai alkawarin ko wakilinsa, kuma a tuntuɓi kowa cikin kwana uku bayan taro. Yawan mahalarta kuwa ba na sa shi a ma'auni. Zaure na iya cika da ɗalibai da suka zo kallo da shan lemo, a tashi ba ko sisi.

Abin da ke ciki da abin da ba ya ciki

Wannan sashe gajere ne amma yana kashe rigima da yawa. A ciki akwai karɓar gudummawa daga kafofi huɗun nan, taro ɗaya na yini ɗaya, tantance ɗalibai, biyan rajista, da rahoto. Ba a ciki: kuɗin ɗakin kwana, kuɗin abinci, ankon kwamiti, lambobin yabo na katako da ake raba wa manya, da gayyato mawaƙi. Duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san mako biyu kafin taro wani zai ce ai bai dace mu fito ba anko ba. In takarda ta riga ta hana, sai a nuna masa layin kawai, ba sai an ɓata da juna ba.

Abubuwa uku na wurinmu sun cancanci a ambace su da suna. Na farko, tikitin cankar kyauta. Mutane da yawa a nan suna ɗaukar sa caca, kuma zai iya sa wasu manya su janye, don haka ku rubuta cewa ba za a yi ba. Na biyu, zakka. Wani ɗan kasuwa zai iya cewa abin da ya bayar zakkarsa ce. Zakka tana da waɗanda Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba aya ta 60, ba a hayar kujeru da ita. Takardar ta ce za a rubuta irin wannan kuɗi daban, a kashe shi kan ɗaliban da suka cancanta kaɗai, bisa shawarar limamin makaranta. Na uku, 'yan siyasa. Za su zo, kuma sau da yawa su ne masu ba da kaso mai tsoka. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ku rubuta cewa ana karɓar gudummawar kowa, ba a liƙa fostar jam'iyya a zaure, ba a kuma karɓar kuɗin da aka ɗaura wa sharaɗin sa sunan wasu a jerin masu amfana.

Wa ke da ikon me

Uban aikin shi ne wanda ya ba da izini, a nan majalisar zartarwar ƙungiya ta hannun shugabanta, da amincewar majalisar wakilai kamar yadda tsarin mulkin ƙungiyarku ya tanada. Ku buɗe tsarin mulkin ku karanta sashen kuɗi kafin ku rubuta wannan ɓangare, domin takardar kafa aiki ba ta da ikon saɓa masa. Shugaban sashen harkokin ɗalibai shi ma ya sa hannu, tunda a harabar makaranta za a yi taro kuma da sunanta za a shiga ofisoshin mutane.

Jagoran aiki mutum ɗaya ne, a rubuta sunansa. Na fi son kada ya zama shugaban ƙungiya, domin in shi ne mai ba da izini kuma shi ne mai aiwatarwa, babu wanda zai tsawata. A faɗi iyakar ikonsa da adadi: zai iya amincewa da kashe har 20,000 a lokaci ɗaya cikin kasafin da aka amince, abin da ya haura sai da sa hannun shugaba da ma'aji, abin da zai sa a wuce 300,000 kuwa sai an koma majalisa.

Kuɗi kuma asusun ƙungiya kaɗai za su shiga, wanda mutum biyu ko uku ke sa wa hannu. Kada a buga lambar asusun wani ɗalibi a katin gayyata, ko da shi ne mafi amana a makarantar. Kuɗinsa za su cakuɗe da na jama'a, kuma ko bai ci ba ba zai iya wanke kansa ba. Tsabar da aka tara ranar taro a ƙirga ta nan take gaban mutum uku, su sa hannu a takardar ƙirga, a kai banki ranar aiki ta farko. In za ku yi amfani da na'urar cirar kuɗi ta hannu, a rubuta wa zai biya cajin, kuma a buga jerin abin da ya shiga ta cikinta kafin mai ita ya bar zauren.

Ranaku: a ƙirgo daga ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ba ta motsi ita ce 28 ga Fabrairu, daga ita ake ƙirgowa baya. A bar mako biyu don biya, domin shafin biya yakan tsaya, wani ɗalibin ma sai an neme shi kafin ya kawo lambarsa. Kenan a rufe karɓar kuɗi 14 ga Fabrairu. A ba alkawura kusan mako huɗu, kuma lallai ƙarshen wata ya faɗo a tsakiya, domin yawancin masu alkawari a Katsina ma'aikata ne ko masu jiran ma'aikata su yi ciniki. Wannan ya sa taro ya faɗo 18 ga Janairu. Sa hannu a takardar kuwa 7 ga Disamba, mako shida kafin taro, don a samu karɓar gudummawar ɗalibai kafin a watse hutun ƙarshen shekara. Rahoton ƙarshe 7 ga Maris.

Kafin ku tsayar da rana, ku duba jadawalin jarabawa, ku duba ko azumi ko sallah sun kusa, ku kuma tuna Juma'a da Asabar ranakun ɗaurin aure ne, babban baƙonku yana iya samun gayyata uku a safiya ɗaya. In a fili za a yi, watan Agusta na ruwa ne, Afrilu kuwa rana ba ta barin kowa ya zauna a rumfa da azahar.

Akwai rana ɗaya da nake roƙon kowace ƙungiya ta saka: ranar yanke shawarar a ci gaba ko a dakata. A misalinmu 4 ga Janairu ce, mako biyu kafin taro, kafin a ba masu haya kafin alƙalami. Sharaɗin shi ne a ga aƙalla 600,000 a asusu daga ɗalibai da malamai da tsofaffin ɗalibai, ban da rancen ƙungiya, kuma babban mai ƙaddamarwa ya tabbatar da zuwansa ko na wakilinsa a rubuce. In ɗaya ya gaza, jagoran aiki ya kira zama cikin kwana biyu, a zaɓi ɗaya: a ɗage taro da mako guda, ko a soke shi a koma bin mutane ofis-ofis da wasiƙa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu da muna da wannan layin a waccan shekarar, da ba mu ci bashin mai rumfa ba, domin alamun sun bayyana tun da wuri: babban baƙon ya daina ɗaukar waya, mu kuma muka ce ai zai zo.

Abin da ka iya ɓaci

Ku rubuta huɗu ko biyar kawai, kowane da abin da za a yi da wanda zai yi. Babban mai ƙaddamarwa ya aiko wakili hannu rabbana da cewa "za a ji daga gare shi": maganinsa a ziyarce shi kafin taro a roƙi ya sa wani abu a asusu tun kafin ranar, a kuma tanadi mataimakan ƙaddamarwa biyu. Yajin aiki ko rufe makaranta: kuɗi su zauna a asusu, ba a taɓa su don wani aiki, har a buɗe. Makaranta ta ƙara kuɗin rajista ko ta matso da ranar rufewa: jagoran aiki ya sake lissafi ya kai wa majalisa cikin kwana uku. Wa'adin shugabanni ya ƙare ana tsakiyar aiki: takardar da littafin alkawura su shiga cikin kayan da za a miƙa wa sababbi, da sa hannu.

Sa hannu, da yadda ake gyara

Jagoran aiki ne ke yin daftarin farko, ma'aji ya duba alƙaluma, malamin shawara ya karanta, sannan a karanta ta a zaman majalisa layi-layi. Masu sa hannu su ne shugaban ƙungiya, kakakin majalisa, ma'aji, jagoran aiki, da shugaban sashen harkokin ɗalibai, kowa da kwanan wata. A yi kwafi uku: ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya wurin majalisa, ɗaya a ofishin harkokin ɗalibai, domin fayil ɗin ƙungiya yakan yi ƙafa lokacin miƙa mulki. Shafin manufa da ma'auni kuma a liƙa shi a allon sanarwa, ban da sunayen masu neman tallafi, waɗannan sirri ne.

Layin ƙarshe na takardar ya faɗi yadda ake canza ta. Duk canjin da ya taɓa adadin kuɗi, yawan masu amfana, iyakar ɗawainiya ko ranar rufewa, sai a rubuce, da dalili, da sa hannun waɗanda suka sa hannu tun farko, a liƙa shi a bayan ta asali da lambarsa da kwanan watansa. Kuma ba a karɓar gyaran ma'aunin nasara bayan ranar taro. In 18 ga Janairu ta wuce, adadin da ke rubuce shi mai binciken kuɗi zai ɗora kusa da takardar banki ranar 14 ga Fabrairu, ya rubuta abin da ya gani, ya karanta wa majalisa ranar 7 ga Maris tare da jerin alkawuran da suka fito da jimlar waɗanda ba su fito ba.